Adaftar DVI zuwa HDMI: tana aiki, amma fil ɗinta sun fi ƙarfinta yawa

Tsohuwar kwamfutata ta tebur kafar DVI kawai gare ta, sabon allon da na samu kuwa HDMI da DisplayPort yake karɓa. Sai na haɗa su da 'yar adaftar nan ta DVI zuwa HDMI, wadda ba ta buƙatar wuta.

Kafin mutum ya saya, ya fara duba bakin kafar. A gefe guda akwai wani rami mai faɗi, inda ƙarfen kan waya mai kama da bakin sukudireba yake shiga. In shi kaɗai ne a wurin, DVI-D ce, dijital zalla. In kuwa ramukan fil huɗu sun kewaye shi, biyu sama biyu ƙasa, to DVI-I ce, kuma waɗannan huɗun su ke ɗauke da siginar analog irin ta VGA: ja, kore, shuɗi, da mai daidaita layin hoto. Shi ya sa adaftar DVI zuwa VGA marar wuta ba ta yi wa mai DVI-D komai, ba ma za ta shiga ba. Ramukan ma ba shaida ba ne ɗari bisa ɗari, don akwai na'urorin da aka bar musu ramukan huɗu ba a jona musu komai a ciki ba.

Tawa adaftar kan DVI-D gare ta, kuma na yaba da hakan, tunda irin wannan kan yana shiga kafar iri biyun. Ina sokawa hoto ya fito tas a 1920x1080, ba rawa ba dishi-dishi. Ba abin mamaki ba ne, DVI na dijital da HDMI sigina iri ɗaya suke aikawa, adaftar siffar baki kawai take sauyawa.

Inda ta ba ni haushi shi ne fil 24 da aka jera mata. Kan da ke da fil 18, da giɓi a tsakiya, single link ne, iyakarsa kusan 1920x1200 a 60Hz. Mai 24 cif dual link ne, yana kaiwa 2560x1600. Wanda ya ga 24 zai ɗauka ya haye, alhali ƙarin fil shidan nan ba su da inda za su bi a ɓangaren HDMI, ado ne kawai. Allona 2560x1440 ne, amma zaɓin bai ko fito ba, dole na haƙura da 1920x1080, rubutu ya ɗan yi laushi.

Sauti ma bai zo ba, sai da na ja wayar sifika daban.

Na so in bi ta DisplayPort, sai dai wayoyin DisplayPort zuwa DVI da suka cika kasuwa hanya ɗaya suke bi, daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai DVI. Akasin haka sai da kwanbata, wato na'urar sauya sigina mai ɗaukar wuta, galibi ta USB, kuma a tabbata an rubuta tana karɓar dual link. Mai allon 1920x1080 ya sayi wannan adaftar hankali kwance. Wanda allonsa ya fi haka girma, kwanbatar ce tasa.