Angire da takin dabba a gonar masara, abin da na gani a kwarin Mirya

Masu tambayata wane taki ya fi wa masara, ga abin da na gani da idona. Gonata tana cikin kwari wajen Mirya, ƙasar rairayi ce mai ɗan laka, na raba ta gida biyu, kowane ɓangare taku hamsin-hamsin, wato kwatan ekta kenan. Ɗaya na ba shi angire zalla, wato takin zamani, ɗaya kashin shanu da na awaki, iri ɗaya na shuka rana ɗaya.

Ɓangaren angire buhu guda na kanz-kanz (15-15-15) nake sawa bayan tsiro, sai rabin buhun ire, farin takin nan da ake ce wa yuriya, idan masara ta kai gwiwa. Buhun kilo 50 na kanz-kanz kilo 7 da rabi ne kawai na azot a ciki, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shuka ta girma, ire kuwa kashi 46 cikin ɗari ne, rabin buhu ya ba ka kilo 11 da rabi, duka kilo 19 kenan, kuma masara tana samunsa nan take. Ɗaya ɓangaren amalanke biyar nake zubawa, wajen tan ɗaya da ɗan wani abu. Busasshen kashin shanu azot ɗinsa bai cika wuce kashi 1 cikin ɗari ba, kuma ko rabinsa ba ya fitowa a daminar farko sai ya ruɓe tukuna. To nan ne duk bambancin yake.

Daminar farko angire ya yi wa takin dabba fintinkau wallahi, ganye shar har baƙi-baƙi, na samu wajen buhu shida, can kuwa da ƙyar huɗu, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa tun daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, wannan ita ce alamar yunwar azot, ba ƙishirwa ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Amma zuwa damina ta uku labari ya juya. Na angire ya sauko wajen biyar duk da ban rage masa komai ba, ƙasar ta yi fari, idan ruwa ya sauka sai ta yi ɓawo a sama ruwan ya gudu, in ka sa hauya ka ji ta ƙeƙashe. Na takin dabba ya hau biyar har da ɗori, ƙasar ta yi duhu, ka damƙa a hannu ta dunƙule. Inda na fi ganin amfaninsa shi ne lokacin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, abin da mu mutanen Damagaram mun saba da shi, masarar angire tun hantsi take naɗe ganye, ɗayar kuwa sai azahar take fara yaushi.

Maganar kuɗi kuma. Da can ana samun buhu jika goma sha uku da rabi na rangwame, amma daga 2022 abin ya tashi, ni dai sama da jika ashirin na saya a kasuwa, buhu ɗaya da rabi ya cinye min fiye da jika talatin kowace shekara. Amalanke biyar har da kuɗin dako bai kai rabin haka ba, in kana da dabbobi a gida ma dakon kawai za ka biya. Sai dai wahala, lodi da watsawa da binnewa duk ƙarfi ne, kuma mai ekta uku ina zai samo amalanke sittin? Masu garka ma rububinsa suke, shi ya sa yake ƙara tsada.

Kuma yana da nasa sharrin. Ɗanyen kashi yana ƙona tsiro, yana jawo gara, ga irin ciyawa da ke zuwa cikinsa, noma ya ƙaru. Wanda ya shekara a rana a fili shi ma rabinsa yashi ne, ƙarfin ya tafi. A rami nake tara shi da kara da toka kaɗan, ina yayyafa ruwa ina juyawa, sai ya daina zafi ya daina wari nake fitar da shi kafin ruwan shuka. Shi ma ire in ka watsa a sama ka bar shi cikin rana iska ce za ta sha, ka tona gefen gindi tazarar yatsa huɗu ka rufe, kuma sai ƙasa da danshi.

Yanzu duka gonar takin dabba nake zubawa, na daina sayen kanz-kanz a ɓangaren da ya daɗe yana shan taki, ire kawai nake ƙarawa rabin buhu a raba biyu, a gwiwa da kuma dab da fitar bunu. Bana wajen buhu bakwai ya ba ni. Wanda ya ari gona ta damina ɗaya dai ya sayi angire abinsa, don takin dabba mai gonar zai bar wa riba.