Batirin laftop yana tsalle: lissafi ne ya ɓace ko ƙwaya ce ta gaji?

"Salamu alaikum. Laftop ɗina ta hannu ce, shekararta biyu a wurina a nan Mabera. Tana kan kashi 40 sai in ga ta faɗo kashi 7, kafin in lalubo caja ta mutu. Mai gyara ya ce kalibireshan za a yi mata, abokina kuma ya ce batirin ne ya ƙare. Wanne zan kama?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannensu zai iya yin gaskiya, domin lambar nan da kake gani a gefen allo ba awo ba ce, lissafi ne. A cikin batirin akwai wata 'yar na'ura da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, kamar wanda aka ba tsaron randa a ɗaki mai duhu: ba ya ganin ruwan, moɗa kawai yake ƙirgawa. Wuri biyu ne yake iya tabbatar da lissafinsa, ranar da randa ta cika fal da ranar da moɗa ta taɓa ƙasa. Idan aka yi watanni ana zuba kaɗan ana ɗiban kaɗan, kamar yadda muke yi da caji saboda wuta tana zuwa tana tafiya, kuskure sai ya taru. To kalibireshan ba komai ba ne illa cika randar a ƙarar da ita domin mai ƙirga ya dawo hanya. Amma in laka ce ta cinye rabin randar, gyaran lissafi ba zai ƙara ko moɗa ɗaya ba.

Abin da ya raba ɓatan lissafi da gajiyar batir shi ne abin da ke faruwa bayan faɗuwar. In lissafi ne kawai ya ɓace, za ka ga lambar tana shirme amma laftop ɗin tana aiki. Ta tsaya kan kashi 7 minti talatin ko arba'in ba ta motsa ba, ko ka kashe ta kan 20 ka kunna ka tarar da 35. Jimlar lokacin da take ɗauka daga cika zuwa mutuwa bai ragu sosai ba. Irin wannan ya fi kama laftop ɗin ofis da kullum take jone da sola ko inbata, da wadda aka sa mata iyakar caji a kashi 60 ko 80, da wadda aka canza wa sabon batir.

In kuwa ƙwaya ce ta gaji, wato ɗaya daga cikin ƙananan batiran da aka haɗa a cikin batirin, faɗuwar da gaske ce, kuma tana bin nauyin aiki. Kana rubutu lafiya lau, ka buɗe bidiyo ko ka shiga taron kan layi, fanka ta tashi, sai ɗif. Ga dalili. Batirin da aka rubuta masa bolt 11.1 jeri uku ne na ƙwayoyi, ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana kaiwa 4.2 in ta cika, kuma na'urar tsaro tana yanke wuta in ɗaya ta sauka wajen 3.0. Ba sai duka ukun sun mutu ba. Ƙwayar da ta tsufa, da an ja wuta da ƙarfi sai ƙarfinta ya zube nan take, alhali 'yan'uwanta biyu suna da sauran caji. Mai ƙirga yana can yana cewa saura 40, sai ya ga an taɓa ƙasa, sai ya gyara lambar a tsalle ɗaya. Da yawa daga cikin na'urorin ƙirgan nan wajen kashi 7 suke komawa, shi ya sa lambar da ka faɗa ba baƙuwa ba ce ga masu gyara. Zafin garin nan ma da hannunsa a ciki. Watan Afirilu ana wuce digiri 40, a ɗora laftop kan katifa tana caji, ko a bar ta cikin jaka a mota da rana tsaka. Ƙwayar da ta fi kusa da wurin zafi ita ke riga sauran tsufa.

Kafin ka ba kowa ko sisi, buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta wannan:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai nuna maka inda ya ajiye fayil ɗin. Ka duba DESIGN CAPACITY, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da FULL CHARGE CAPACITY, wato abin da mai ƙirga yake zaton yana ɗauka yanzu. Zato na ce, domin ita ma wannan lamba daga bakinsa ta fito.

Tawa ta yi min haka bara. Takardar da umarnin ya fitar, wadda ke auna wutar batir da mWh, ta nuna 45,000 mWh yana sabo, 41,000 mWh yanzu, wato lafiya ƙalau a rubuce. Aikina yana cin wajen wat 12, don haka ya kamata in samu kusan awa uku da rabi. Amma awa ɗaya da rabi nake yi ta faɗo daga 56 zuwa 6. Wat 12 na awa ɗaya 12,000 mWh ne, ka ninka da ɗaya da rabi, ka ga 18,000 mWh kawai na samu. Na yi mata kalibireshan, na sake fitar da takardar, sai ga 18,500 mWh. Tsallen ya daina, lamba tana sauka a hankali daga 100 zuwa ƙasa, amma har yau awa ɗaya da rabin nan ce. Batirin ya daina yi min ƙarya, shi ke nan abin da na samu.

Yadda ake yinsa ba ya buƙatar shago. In akwai iyakar caji a manhajar kamfanin laftop ɗin, irin su Lenovo Vantage ko MyASUS ko makamancinsu, ka cire ta tukuna. Ka cika batir zuwa 100, ka bar shi jone kamar awa biyu. Ka zare caja, ka hana ta barci, ka yi aiki mara nauyi har ta mutu da kanta. Windows takan kwantar da ita a wajen kashi 5. In haka ta faru, kunna ta ka shiga BIOS, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka bar ta a nan har ta ƙarasa. Ka bar ta a kashe wajen awa biyar, sannan ka cika ta zuwa 100 ba yankewa. Nan ne wahalar take a wurinmu, don in aka ɗauke wuta a tsakiya, aikin ya gurgunce. Ka nemi inda ake da sola ko janareto mai tsayawa. Kuma kada ka mayar da shi aikin kowane mako, domin ƙarar da batir har ƙasa yana cin kwanansa. Sau ɗaya a wata biyu ko uku ya isa, shi ma in lambar ta fara shirme.

Wuri ɗaya ne ba a gwaji: in batirin ya kumbura. Ka ɗora ta kan tebur ka gani ko tana rawa, ka duba ko wurin linzami ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki. In haka ne, cire caja, a fitar da batirin, kada a huda shi kuma kada a danne shi.

A naka, tunda ka ce tana mutuwa nan take bayan faɗuwar, kuma ta hannu ce da ba mu san shekarun da ta yi kafin ta iso gare ka ba, na fi karkata ga maganar abokinka. Duk da haka ka yi kalibireshan sau ɗaya da agogo a gabanka, ka rubuta lokacin da ka zare caja da lokacin da ta mutu. In FULL CHARGE CAPACITY ta tsaya sama da kashi 80 na asali kuma tsallen ya tafi, ka riƙe kuɗinka. In ta zube ƙasa da rabi, ko kuma lambar tana da kyau amma bidiyo yana ci gaba da kashe ta a tsakiya, ka ɗauki hoton lambar da ke jikin batirin ka nemi irinsa. In ka samu, a sa shi a gabanka a shagon, ka sake buga umarnin nan ka ga lambobin biyu sun yi kusa da juna kafin ka biya.