Kwali na 27

Yaya, gaisuwa da fatan alheri, ina gaida Inna da iyali duka. Na ji labarin za ku tashi daga unguwar Bagalam ku koma sabon gida a unguwar Zariya, can cikin Maraɗi, Allah ya sa a shiga a sa'a. Mu ma wata biyu ke nan da muka ƙaura daga Lyon zuwa Villeurbanne, shi ya sa na ce bari in gaya maka yadda aka yi.

Nan Faransa kwasar kaya sana'a ce ta kamfani. Mutuminsu ya zo ya zagaya ɗakuna, ya ƙiyasta wurin da kayan za su ci cikin kamiyo, ya rubuta farashi. Sannan ya ba ni takardar da zan rubuta ƙimar kayana, don da ita ake lissafin diyya in abu ya ɓata ko ya fashe. Kwalayensu iri biyu ne. Babban, santimita 55 da 35 da 30, na tufafi da kaya marasa nauyi. Ƙaramin na littattafai da tangaran, don in ka cika babban da littattafai gindinsa ne zai ɓalle a kan matakala. Kuɗin kam kada ka tambaya. Da na maida shi sefa sai da na yi salati.

Lambar ce abin da nake so ka ɗauka. Na sayi kaye guda, kowane ɗaki da shafinsa. Ba na taɓa ɗaki na biyu sai na gama na farko. Kowane kwali harafin ɗaki da lamba: M na madafa, F na falo, Y na ɗakin yara. Amma lambar ba ta komawa 1 in an canza ɗaki. Falo ya ƙare a 14, ɗakin yara ya fara daga 15, haka har 41. In ka sake farawa a kowane ɗaki, za ka samu kwali biyar masu lamba 3, ranar sauke kaya ba mai gane wanne ya iso. A gefe biyu nake rubutawa da babbar marka, ban da sama, don da an jibga wani kwalin a kai rubutun ya ɓuya. Jikin kwali harafi da lamba kawai. Abin da ke ciki yana cikin kaye, ba ruwan mai ɗauka da sanin inda gwal ɗin uwargida yake. Shi wannan ma, da fasfo da takardun haihuwa, a jakata suka tafi.

Ranar saukewa na tsaya bakin ƙofa da bik, duk kwalin da ya wuce in soke lambarsa. Aka gama, 40. Na bi layi, sai ga 27 ba a soke ba. Shafin madafa ya ce M-27: tukunyar matsi, injin markaɗe, faranti goma sha biyu, ludayin duma biyu da Inna ta ba mu. Shugaban ma'aikatan yana sauri, ya miƙo takardar isar da kaya in sa hannu. Kafin in sa, na rubuta a kanta cewa kwali na 27 bai iso ba, da abin da ke cikinsa. Dokarsu ta ba mutum kwana 10 daga ranar saukewa, har da Asabar da Lahadi, ya aika ƙorafi da wasiƙa mai rajista. Ban kai ga haka ba. Kwana uku sai ga waya, an gan shi ƙarƙashin bargunan da suke naɗe kujeru.

Ni ma na yi wauta. Daren ƙarshe na buɗe 12 na ciro cajar waya da maganin yaro, da safe na cusa su cikin 38, ban gyara kaye ba. Sati guda muna birkita 12. Kwalin da aka liƙe, in an buɗe shi, sai a gyara takarda nan take.

Ku can ba kamfani, ba diyya, sai amana da dogon baro mai sawu shida ko bakwai, ga yaran unguwa kowa ya sungumi abin da hannunsa ya kai. Amma kwali ya fi araha, na makaroni da na sabulu ana samu wajen masu shago a babbar kasuwa, ka dai zaɓi wanda bai sha ruwa ba. Buhu da jakar bakko marka ba ta zama a jikinsu sosai, sai ka ɗaura guntun kwali da igiya a bakin. Katifa, firigo da tukunyar ƙarfe su ma a ba su lamba. Ka ƙara layi guda da ni ban buƙata ba: sawu na nawa kayan ya bi. Kaye biyu, ɗaya a Bagalam hannun mai sokewa in an loda, ɗaya a Zariya hannun mai karɓa, kowane sawu su kira juna a waya su karanto lambobi kafin direba ya juya.

Kwanonin jeren Anti a bar mata ta ƙirga da kanta, set-set, har da murafe. Ka san halinta in murfi ɗaya ya ɓata.