Gargaɗi: Masu Sayar da Filashin Bogi Suna Ɗora wa Talabijin Laifi

Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda wata damfara da ta rutsa da ni, wadda kuma na tabbata tana rutsawa da mutane da dama ba tare da sun gane an cuce su ba, domin an gina ta ne a kan wata matsala ta gaskiya. Duk wanda ya taɓa soka filash a jikin talabijin ya san cewa wani bidiyon yana buɗewa, wani kuma ya ƙi, sai allon ya nuna "Unsupported file" ko wani saƙo makamancinsa. Macutan sun san da haka, shi ya sa suke sayar da filashin da girmansa na ƙarya ne, idan fayiloli suka lalace kuma su ce talabijin ɗinka ce ba ta karɓar irin wannan bidiyo.

Na sayi filashin ne a hannun wani mai talla a intanet, an rubuta 256GB a jikinsa, kuma da na soka shi a kwamfuta ita ma ta nuna kusan hakan. Na zuba masa bidiyoyi 40 na iyali waɗanda aka ɗauka da waya ɗaya, kowanne wajen rabin gigabait, jimilla kimanin gigabait 20. Kwafin ya kammala lafiya, babu wani saƙon kuskure. Da na kai filashin ga talabijin, sunayen bidiyoyin duka 40 suka fito a jere. Na farko zuwa na 14 suka yi aiki sumul. Na 15 ya fara da kyau, yana kaiwa wajen ƙarshe hoton ya tsattsage ya koma 'yan murabba'ai kore da toka, sauti ya ɗauke, sannan ya tsaya cak. Daga na 16 zuwa na 40 kuwa ko ɗaya bai buɗe ba.

Da na tuntuɓi mai sayarwar, amsarsa a shirye take kamar wanda ya saba bayarwa. Ya ce, "Malam, ai filashi ba shi da matsala, talabijin ɗinka ce tsohuwa, ba ta karanta sabon tsarin bidiyo. Ka goge shi ka sake zubawa, ko ka turo mini bidiyoyin in sauya maka su, sai ka biya kuɗin aiki." Na ɗauki kwanaki ina bin shawararsa, ina gogewa ina sake zubawa, kuma a kowane karo waɗanda suka fara shiga ne kawai ke aiki. Daga baya na fahimci cewa amfanin wannan shawara a wurinsa shi ne lokaci ya ja har wa'adin mayar da kaya ya wuce.

Ga yadda abin yake a cikin filashin. Akwai wani ɗan guntun na'ura a ciki wanda shi ne ke shaida wa kwamfuta ko talabijin girman ma'ajiyar, kuma ana iya sauya abin da yake faɗa. Sai a ɗauki filashin gigabait 8 a sa shi ya riƙa cewa shi 256 ne. Kwamfuta ba ta auna ma'ajiyar da kanta, abin da aka gaya mata take yarda da shi. Idan aka zuba kaya har suka wuce girman gaskiya, abin da ya biyo baya ko dai ya tafi a banza, ko kuma ya hau kan wanda aka fara zubawa ya lalata shi. Jerin sunayen fayilolin da girmansu kuwa a wani wuri dabam ake ajiye shi, yawanci a farkon ma'ajiyar, shi ya sa za ka ga sunan bidiyo da girmansa daidai alhali cikinsa fanko ne. A nawa filashin, bidiyo 14 masu rabin gigabait sun cinye gigabait 7, na 15 kuma ya faɗa daidai kan iyaka.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne cewa matsalar tsarin fayil tana bin irin fayil, matsalar filashin bogi kuwa tana bin jerin da aka zuba su. Talabijin ba za ta karɓi bidiyo 14 daga waya ɗaya, a tsari ɗaya, sannan ta ƙi na 16 saboda tsarinsa ba. Da na yi wannan tunani tun ranar farko, da ban ɓata kwanakin nan ba.

Domin kada a zalunci mai sayarwa na kirki, ya dace a san yadda matsalar tsarin fayil ta gaskiya take. Haruffan da ke ƙarshen sunan bidiyo, kamar MP4 ko MKV ko AVI, mazubi ne kawai. A cikin mazubin akwai hoton bidiyon da aka matse ta wata hanya, da sautin da aka matse ta wata hanyar, kuma dole talabijin ta iya warware kowanne. Bidiyon MP4 mai hoto a tsarin H.264 da sauti a tsarin AAC shi ne wanda kusan kowace talabijin mai karanta bidiyo daga filash take karɓa. Idan hoton a tsarin H.265 yake, wanda ake kira HEVC, kuma wayoyin zamani da yawa suna ɗaukar bidiyo da shi, tsofaffin talabijin sukan ƙi shi ko da sunan fayil ɗin ya ƙare da MP4, wani lokaci a ji sauti allo kuma baƙi ƙirin. Akasin haka ma yana faruwa: hoto ya fito tangaran amma babu sauti, galibi saboda sautin a tsarin DTS yake, wanda wasu talabijin ba sa warwarewa. A ɓangaren hotuna, JPEG shi ne abin dogaro, hotunan HEIC na wayoyin iPhone kuwa talabijin da yawa ba sa nuna su. A waƙoƙi, MP3 ne ya fi samun karɓuwa. Littafin da ya zo da talabijin yakan ƙunshi jerin abin da take karɓa, kuma shi ne hujja, ba bakin mai sayarwa ba.

Akwai kuma tsarin ma'ajiyar filashin kansa, wato FAT32 ko exFAT ko NTFS. Idan talabijin ba ta gane wannan tsari ba, ba za ta nuna komai ba gaba ɗaya, ko ta ce ba ta ga na'ura ba. Ba za ta nuna rabi ta bar rabi ba. FAT32 ne ya fi samun karɓuwa, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, kuma a irin wannan hali kwamfuta ce za ta ƙi kwafin tun farko ta gaya maka dalili. Filashin bogi kuwa yana karɓar komai shiru, kuma wannan shirun ne ke sa mutum ya saki jiki.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a mayar da filashin kan kwamfuta a buɗe bidiyon da talabijin ta ƙi da manhajar VLC, wadda kyauta ce kuma tana karanta kusan duk tsare-tsaren da na ambata. A buɗe shi kai tsaye daga filashin, bayan an cire an sake sokawa, domin kada kwamfuta ta nuna kwafin da ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. Idan ya yi aiki daga farko har ƙarshe, filashin bai lalata shi ba, matsalar ta tsarin fayil ce, kuma a cikin VLC ana iya danna Ctrl+J a ga ainihin tsarin hoto da na sauti. Idan kuwa ya ƙi buɗewa a kwamfutar alhali asalinsa da ke waya yana aiki, to talabijin ta fita daga zargi. Haka ya faru da nawa: bidiyo na 16 ya ƙi a VLC daga filash, amma asalinsa ya buɗe nan take.

Don samun hujjar da ba a musantawa, na yi amfani da H2testw, wata ƙaramar manhaja ta kyauta a Windows wadda ke cika filash da bayanai sannan ta sake karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ana fara kwashe duk abin da ke cikin filashin, a zaɓe shi, a danna "Write + Verify". Aikin yana ɗaukar awanni a filashin da ke iƙirarin girma, amma ya cancanci haƙuri. Filashi mai kyau zai ƙare da "Test finished without errors", nawa kuwa ya nuna cewa gigabait 7 da 'yan kai ne kawai lafiyayyu, sauran duka an rubuta "DATA LOST" a gabansu. Masu Linux ko Mac suna da F3, wadda ke yin aiki iri ɗaya, sai a sa wurin da filashin yake a kwamfutar a madadin wanda ke cikin misalin:

```
f3write /media/filash
f3read /media/filash
```

A lura cewa filashi na gaskiya ma yakan nuna ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa, misali mai 64GB ya nuna wajen 58 ko 59 a Windows, saboda bambancin yadda masu ƙerawa da kwamfuta ke lissafi. Wannan ba damfara ba ce. Damfara ita ce a rubuta 256 a tarar da 8, kuma gogewa ko sauya tsarin ma'ajiyar ba zai ƙara masa ko gigabait ɗaya ba.

Tayin sauya bidiyo da ya yi mini shi ne kashi na biyu na cutar. Na gwada shi da bidiyo biyu kafin in gano gaskiya, abin da ya dawo mini da shi kuwa fayilolina ne yadda suke, girmansu bai sauya ko kaɗan ba, sunan kawai ya mayar daga MP4 zuwa AVI. Sauya suna ba ya taɓa abin da ke cikin mazubi. Sauyi na gaskiya yana ɗaukar lokaci, yana sauya girman fayil, kuma mutum zai iya yi da kansa da manhajar HandBrake ta kyauta, ya zaɓi MP4 da H.264 da AAC. Ban da asarar kuɗi, akwai kuma nadamar miƙa bidiyon iyali ga mutumin da ban sani ba, wadda har yanzu take damuna.

Asarar da ta fi ciwo ita ce ta wasu hotunan mahaifiyata da na ɗauke daga wata tsohuwar waya zuwa filashin a zubin farko, bayan bidiyoyin, na kuma goge su daga wayar don in sami wuri. Sunayensu da girmansu sun fito daidai a jerin fayilolin, amma babu abin da za a ceto, domin tun farko ba a rubuta su a ko'ina ba. Saboda haka duk wanda ya sayi sabon filash, ya gwada shi a ranar da ya karɓa, kafin ya ɗora masa abin da ba shi da kwafinsa a wani wuri. Idan gwajin ya nuna bogi ne, ya ɗauki hoton sakamakon da na jikin filashin da na tallar da aka yi masa, ya shigar da ƙorafi a wurin da ya yi cinikin kafin wa'adi ya cika, kuma kada ya amince da musayar wani filashin daga hannun mutumin sai ya sake gwada shi daga farko har ƙarshe.