Gyaran lambar waya da ƙarin daƙiƙa biyu: ba nauyinsu ɗaya ba

"Salamu alaikum. Na haɗa wa wani kamfanin sabulu tallar bidiyo ta daƙiƙa 30, za a sa a talabijin da Instagram. Yau manajan talla ya turo imel: 'Mun amince da wannan na ƙarshe. Gyara biyu kawai: lambar wayar da ke ƙarshe akwai kuskure, sannan a ƙara daƙiƙa biyu a inda aka nuna kwalin sabulun.' In gyara in miƙa kai tsaye, ko sai sun sake gani? Kuma in caje su?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A idon manajan duka ƙananan gyare-gyare ne, shi ya sa ya jera su a layi guda. A kan kwamfutarka kuwa sun yi hannun riga. Ɗaya kamar sauya maɓalli ne a rigar da aka gama, ɗayan kuma ƙara tsawon hannu ne bayan tela ya riga ya yanka yadi.

Lambar waya rubutu ce da ke zaune a saman hoto. Ka buɗe, ka sauya, ka sake fitarwa, babu firem ɗaya, wato hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo, da ya motsa daga wurinsa. Kiɗa na nan, murya na nan, tsawon tallar na nan. Don haka amincewar da suka bayar ba ta warware ba, abin da suka gani shi ne zai fita. Hatsarinta kawai shi ne a gyara kuskure da wani kuskuren. Kada ka karɓi lambar da baki ta waya. Su rubuto ta a imel, ka kwafe ta yadda take, ka ƙirga ka ga lambobi 11 sun cika, sannan ka buga ta da wayarka ka ji wa zai ɗauka. Ka kuma tuna ba fayil ɗaya gare ka ba: akwai na kwance 1920x1080 na talabijin, akwai na tsaye 1080x1920 na waya, kuma sau da yawa na tsayen ne ake mantawa ya fita da tsohuwar lamba. Abu ɗaya ne zai iya mai da wannan gyara babba, wato idan mai murya ya karanta lambar a cikin tallar. To nan sai an dawo da shi gaban makirfo.

Ƙarin daƙiƙa biyu kuwa lissafi ne. Talabijin ɗinmu na tafiya a kan firem 25 a kowace daƙiƙa, ke nan tallarka firem 750 ce cif. Daƙiƙa biyu firem 50 ne. Ka ɗora su a kai, ka koma 800, daƙiƙa 32, alhali gurbin da kamfanin ya saya a gidan talabijin na 30 ne. Instagram ba ruwansa da wannan, amma gidan talabijin ko ya dawo da fayil ɗin, ko ya datse ƙarshensa, kuma ƙarshen nan ne lambar wayar take. Saboda haka maganar gaskiya ba ƙari ba ce, musaya ce: daga ina za a ciro firem 50 ɗin? Imel ɗin bai faɗa ba, kuma ba kai ne ya kamata ka yanke musu ba.

Mu ɗauka tallar haka take: mace na wanki daga farko zuwa daƙiƙa 6, kumfa a kusa zuwa 14, kwalin sabulu daga 14 zuwa 17, kaya a kan igiyar shanya zuwa 25, sai allon ƙarshe mai tambari da lamba. Hanya mafi tsafta ita ce kwalin ya shigo a 14 yadda yake, ya zarce zuwa 19, ya ci daƙiƙa biyu daga farkon hoton shanya. Wurin yankan kawai ka ja gaba, sauti bai motsa ba, jimlar tana nan 30. Amma idan a daƙiƙa 17 mai murya ke cewa "kaya fes", yanzu zai faɗe ta ne ana kallon kwali, ba ana kallon farar riga ba. Wataƙila su so hakan, wataƙila su ƙi. Idan kuma ka zaɓi ka rage daga wankin farko, kumfa da shigowar kwalin za su jawo baya, kwalin ya daina faɗowa daidai bugun kiɗan da ka ɗora shi a kai, rubutun fassara na ƙasa ya riga maganar. Kowanne ka bi, tallar da suka amince da ita ta sauya.

Kafin ma wannan, leƙa asalin ɗaukar ka ga ko hoton kwalin yana da ragowa. Idan mai kyamara ya tsaya bayan daƙiƙa huɗu, biyar ba za ta samu ba sai an rage gudu. Wanda aka ɗauka a firem 50 ana iya raba gudunsa biyu ya tafi sumul, na 25 kuwa zai riƙa cijewa, musamman idan kwalin na juyawa.

Ni a ganina, kira manajan ka tambaye shi abin da ya dame shi a wurin. Yawanci ba daƙiƙa biyun suke nema ba, sunan kayan ne ko lambar rajistar NAFDAC ba ta karantuwa kafin hoton ya wuce. In haka ne, matso da kwalin kusa kaɗan, ko sake sa shi a gefen tambari a allon ƙarshe inda ake da daƙiƙa biyar, zai biya buƙata ba tare da an taɓa lokaci ba. Ka kuma tambaya ko an riga an kai wannan fayil tantancewa wurin ARCON, hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Najeriya, don idan an kai, kamfanin ne ya kamata ya duba ko sauyin zai sa a sake miƙawa.

To, amsar tambayarka ta farko: na lamba ka gyara, hoton allo guda ya isa shaida. Na kwali sai sun sake gani sun rubuto. Ka fitar da sabon fayil da sabon suna, kada ka danne tsohon:

```
sabulu_30s_16x9_v4.mp4
sabulu_30s_9x16_v4.mp4
```

Sai ka amsa musu a ƙarƙashin imel ɗin nasu, kamar haka: "Ranka ya daɗe, na gode da amincewa. An gyara lamba a duka biyun, ga hoton allo. Kwalin yanzu yana daga 00:00:14:00 zuwa 00:00:19:00, an rage daƙiƙa biyu daga hoton shanya don tallar ta tsaya a 30. Ban taɓa komai ba bayan wannan. Idan ya yi, a rubuto cewa an amince da v4, sai in turo na fitarwa." Wannan ambaton v4 ɗin kada ka bar shi. "Na ƙarshe" kowa da wanda yake nufi, amma sunan fayil ba a musu a kansa, kuma shi za ka nuna ranar biyan cikon kuɗi.

Batun caji, lambar waya ba na karɓar ko kwabo a kanta, ko da kuskuren daga takardarsu ya fito, aikin mintuna ne. Na kwali ya danganta da abin da kuka yi tun farko. Idan kun yi da su zagayen gyara biyu kuma ba su cinye ba, yana ciki. Idan sun cinye, ko kuma abin ya kai ga sake ɗaukar murya ko sake fita da kyamara, ka rubuta musu farashin su amince kafin ka soma, ba bayan ka gama ba.