Ayar da ke cikin wa'azi: da haruffan Larabci ko da boko?

"Salamu alaikum. An ba ni wa'azin wani malami na watan azumi in saurara in mayar da shi rubutu. Hausa yake yi, amma yana ta janyo ayoyi. In rubuta su da Larabci ne ko da boko, kuma ta yaya mai karatu zai gane nan aya ce, nan maganar malam?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Haruffan Larabci suna ba ka ayar yadda take a Mushafi, boko kuma yana ba ka abin da ya fito daga bakin malam. Sai ka san wanne kake bukata a kowane wuri.

Ƙarfin boko shi ne kowa zai karanta, kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama tare da Hausar, babu abin da zai hargitse a waya. Rauninsa kuwa babba ne. Harafin z ɗaya shi ke ɗaukar ز da ذ da ظ, s yana ɗaukar س da ص da ث, h kuma ه da ح. Ba ma nuna dogon wasali a rubutunmu na kullum. Ga kuma masu yar da ƙugiya: idan aka rubuta "kalb" a madadin "ƙalb", zuciya ta koma kare. Wanda ya haddace ayar zai gane ta duk yadda aka rubuta. Wanda bai haddace ba, shi ne zai kwafe ta da kuskure ya tura gaba.

Rubutun Larabci ya kuɓuta daga wannan, amma da sharaɗi: kada ka buga ayar da hannunka daga abin da kunnenka ya ji. Nemo ta a Mushafi ka kwafo. A nan ma akwai tarko. Wasu manhajojin Mushafin Madina suna amfani da salon haruffa na musamman, inda kowace kalma alama ɗaya ce. A kwamfutarka za ta fito tsaf, a wayar wani ta zama akwatuna ko haruffan da ba su da kan gado. Kwafo daga matanin da aka rubuta da haruffan yau da kullum, irin na Tanzil, ka sa masa salon Amiri ko Scheherazade New, sannan ka tura wa kanka a wata wayar ka gani kafin ka ci gaba. Matsala ta biyu ita ce cusa Larabci a tsakiyar layin Hausa. Ɗigon ƙarshen jimla da waƙafi da baka sai su yi tsalle su koma ɗaya gefen, lambar aya ta riga sunan sura. Maganinsa shi ne ayar ta zauna a layinta ita kaɗai.

To, yadda malamanmu ke wa'azi shi ke raba gardamar. Sau da yawa malam yakan karanta ayar gaba ɗaya tukuna, sannan ya dawo yana yanka ta guntu-guntu yana fassarawa. Karatun farko na Larabci ne, cikin baka mai ado ﴿ ﴾ wadda a littattafan Larabci aka keɓe wa Alƙur'ani. Guntayen kuma boko ya fi dacewa da su, tunda suna saƙe da Hausa, kuma cikakkiyar ayar tana sama ga mai son dubawa. Ga yadda zai fito a ayar azumi:

```
[12:40] Allah Maɗaukakin Sarki yana cewa:

﴿يَا أَيُّهَا الَّذِينَ آمَنُوا كُتِبَ عَلَيْكُمُ الصِّيَامُ كَمَا كُتِبَ عَلَى الَّذِينَ مِن قَبْلِكُمْ لَعَلَّكُمْ تَتَّقُونَ﴾
[Baƙara: 183]

_Kutiba alaikumus siyamu_, an wajabta muku azumi.
_Kama kutiba alallazina min ƙablikum_, kamar yadda
aka wajabta wa waɗanda suka gabace ku.
```

Alamar _ da ke gefen guntayen ita ce ke karkata rubutu a WhatsApp. A Word sai ka karkata shi kai tsaye. Duk abin da ke cikin baka mai kusurwa naka ne, ba na malam ba: lokacin da ke kan rikodin, sunan sura, lamba. Idan malam da kansa ya ce "a cikin Suratul Baƙara", wannan ya shiga maganarsa, ba a saka shi a baka. Fassarar kuma tasa ce. Ko ka ga wata tarjama da ta fi ta kyau, kada ka musanya, domin bayanin da zai biyo baya a kan kalmominsa ya ginu.

Lambar nan ta 183 tana da magana. Lissafin mutanen Kufa ne, wanda Mushafin Hafsu ke bi, inda "Alif Lam Mim" aya ce mai zaman kanta kuma Baƙara ke da ayoyi 286. A Mushafin Warshu, mai bin lissafin Madina, Baƙara 285 ce, ayar azumi kuma ita ce ta 182. Da yawa daga malamanmu a tsangaya suka yi hadda, da Warshu suke karatu. Za ka gane a Fatiha: Hafsu yana jan mimin "Māliki yaumid din", Warshu ba ya ja. Idan malaminka mai Warshu ne ka liƙa masa matanin Hafsu, ka rubuta abin da bai karanta ba. Mafi muni, kana iya zaton kuskure ya yi ka "gyara" masa. Faɗi a shafin farko da wace ruwaya ya karanta, da wane lissafi ka bi, layi ɗaya ya isa.

Wajen nemo ayar, kada ka tsaya a farkonta. "Ya ayyuhallazina amanut taƙullaha" ta buɗe ayoyi da dama. Idan "haƙƙa tuƙatihi" ya biyo, Ali Imrana ce 102. Idan "wa ƙulu ƙaulan sadida" ne, Ahzab 70. Idan "wa kunu ma'as sadiƙin", Tauba 119. Saurari kalmomi uku ko huɗu na gaba kafin ka sa lamba. A irin waɗannan masu kama da juna ne harshen malam kan zame, ya haɗa kan wata da ƙarshen wata. Idan haka ta faru, kada ka sa abin da ya faɗa cikin baka mai ado, don ba haka ayar take ba. Rubuta lafazinsa da boko, ka bi shi da [a Mushafi: …] ɗauke da ingantacciyar ayar. Idan malamin yana raye kuma za a kai gare shi, a nuna masa wurin kafin rubutun ya fita.

Sannan ba duk Larabci ne Alƙur'ani ba. Malam yana janyo hadisi, baitin waƙe, ƙa'idar fiƙihu, har da nasa Larabcin. "Ƙalallahu ta'ala" da "ƙala Rasulullahi" suna taimakawa, amma wani lokacin yakan shiga kai tsaye ba sanarwa. Ba hadisi alamarsa daban, « », kamar «Innamal a'amalu bin niyyat». Abin da ka bincika ba ka samu a Mushafi ba, bar shi a boko ba tare da alamar aya ba, ka sa lokacinsa a gefe, misali [31:05, a tantance], ka kai wa mahaddaci ya saurari wurin da kunnensa.