Wake ko ots: wanne ya fi riƙe cikin ɗan ƙwallo, kuma wanne ya fi kumbura shi?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina buga ƙwallo kullum bayan La'asar, amma yunwa na saurin kama ni, ga taurin bayan gida. An ce in ƙara faiba, sai na koma cin wake cike da faranti da rana. Kwana uku ke nan cikina kamar ganga, iska ta hana ni gudu. Wani ya ce in bar wake in koma ots. Wanne ya fi?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Kada ka yi saurin yanke wa wake hukunci, domin yawan da ka ci da lokacin da ka ci shi su suka ja maka, kuma da ots ka ɗura haka rana ɗaya shi ma da ka ji a jikinka, sai dai nasa ba zai kai na wake ba.

Mu auna su da ma'auni ɗaya wanda kowane gida ke da shi, wato ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Gwangwani ɗaya na dafaffen wake da ɓawonsa yana ɗauke da faiba, wadda wasu ke kira harza, kimanin giram 7. Gwangwani ɗaya na busasshen ots, kafin a dama, yana da kimanin giram 5. Gwangwanin dafaffiyar farar shinkafa kuwa ko rabin giram bai cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 a yini. Wanda karin kumallonsa burodi da shayi ne, da rana shinkafa da miya, da dare tuwon shinkafa ko taliya, da ƙyar yake haura giram 10. In abincinka ya yi kama da wannan, farantin waken da ka ci, wanda ba zai gaza gwangwani uku ba, ya ɗora maka giram 21 a zama ɗaya. Ka ga cikin da ya saba da 10 an ba shi fiye da 30 ba sallama.

Ta fuskar ƙoshi, ni dai wake nake bai wa kambu. Yana haɗa faiba da furotin mai yawa, sai an tauna shi, kuma sitacinsa ba ya saurin narkewa, shi ya sa mai aikin ƙarfi in ya ci garau-garau da hantsi yake kaiwa La'asar bai nemi komai ba. Ots ta wata hanya yake bi. A cikin faibarsa akwai irin mai narkewa a ruwa, ana kiranta beta-gulukan, ita ce ke sa shi yauƙi da kauri in an dama. Wannan kaurin yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, sai yunwa ta jinkirta. Amma in ka tsinka shi ya zama kamar ruwan koko, ka zuba sukari cokali huɗu, kada ka yi mamaki in cikinka ya fara kira kafin sha ɗaya. Ots mai kauri da ɗan gyaɗa ko ƙwai a gefe shi ne ke riƙe ciki. Ga kuma maganar aljihu, wadda kowa ya san inda ta karkata: kuɗin leda ɗaya ta ots zai sayo maka waken da za ka daɗe kana ci.

Wajen taurin bayan gida duka biyun suna aiki. Ɓawon wake yana ƙara wa bahaya auki, hanji ya samu abin turawa. Yauƙin ots yana riƙe ruwa, bahaya ya yi laushi. Dukansu sai da ruwa, kuma kai da kake zubar da gumi a fili kullum ka fi mai zaman ofis buƙatarsa. Wanda ya ƙara faiba bai ƙara ruwa ba, wani lokaci cushewar ƙaruwa take yi. Ka riƙa duban fitsarinka: in ya yi duhu kamar shayi, ruwan bai isa ba.

Inda suka rabu sosai shi ne iska, kuma a nan zan ɗan tsaya. Ban da faiba, wake yana da wasu nau'o'in sukari, irin su rafinos da sitakiyos, waɗanda jikin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da su. Haka suke wuce tumbi da ƙaramin hanji ba a taɓa su ba, su isa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya masu zama a wurin suke cinye su. Iskar da kake ji ita ce abin da ƙwayoyin suke fitarwa a yayin wannan cin. Tafiyar takan ɗauki sa'o'i huɗu zuwa shida, wani lokaci ƙasa da haka. Yi lissafi da kanka: ka ci wake ƙarfe ɗaya, an hura usur ƙarfe biyar. Daidai lokacin da kake neman numfashi shi ne lokacin da babban hanjinka ya kama aiki. Ga shi in mutum yana gudu jini yakan bar hanji ya koma ƙafafu, narkewa ta ragu, ga jijjiga. Abin da zai wuce maka da 'yar tusa in kana zaune a gida, a fili murɗa yake zama.

Ita ma faibar ots ƙwayoyin hanji suna cin ta, tana kuma ba da iska, amma ba ta zo da wancan tarin sukarin na wake ba, don haka yawancin mutane sun fi jure ta. Sai dai akwai tarko a nan. Mutane da dama a cikinmu madara ce ba ta karɓe su ba, su dama ots da madarar gari cokali biyar, ciki ya yi ƙugi, su ɗora wa ots laifi. In ka ga haka, dama shi da ruwa zalla na kwana uku ka gani. Shi ma waken, ɗanyar albasar da ake yankawa a kai tana da nata kason na iska.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne hanji yana sabawa. A wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2011, an sa rukunonin mutane cin rabin kofin wake iri daban-daban kullum na makonni. Cikin waɗanda aka bai wa farin wake mai baƙin ido, irin namu, kashi 19 cikin ɗari ne kawai suka ce iska ta ƙaru musu a makon farko, kuma yawancin masu ƙorafi a duk rukunonin sun daina bayan 'yan makonni. Lura da adadin: rabin kofi, kullum. Wanda yake cin wake sau ɗaya a mako, amma ranar ya ci na mako guda, cikinsa ba ya samun damar sabawa, kullum sabon shiga yake.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Zan bar waken na kwana biyu ciki ya sace. Abincin rana kuma zan bar shi yadda yake a da, shinkafa da miya, domin kafin wasa abinci mai saurin barin tumbi ake so, kuma wannan ne wurin da farar shinkafa ta fi wake amfani. A makon farko zan zuba rabin gwangwanin wake a abincin dare, bayan an tashi daga fili. Wannan ƙarin giram uku da rabi ne, daga 10 ka koma wajen 13 ko 14. A mako na biyu zan rage rabin burodin safe in maye gurbinsa da gwangwanin ots. Burodin da ka cire ya tafi da kamar giram 2, ots ya kawo 5, ka kai wajen 17. A mako na uku waken dare ya zama gwangwani cikakke, ka taɓa 20. A na huɗu sai ka ƙara gwaiba matsakaiciya guda da hantsi, wadda ita kaɗai ta kai giram 5, ko ka yawaita miyar kuɓewa da ta kuka. Ka ga 25 ke nan cikin wata guda, kuma babu makon da ka ƙara fiye da giram biyar.

Abu ɗaya kawai ake canzawa a mako, domin in ciki ya yi gardama ka san wa za ka kama. 'Yar ƙarin tusa a kwana uku ko huɗu na farkon kowane mataki ba komai ba ce, ci gaba. Amma in ciki ya ɗaure har ka sassauta wando, ko murɗa ta tashe ka da dare, ko bahaya ya tsinke, koma matakin baya ka zauna a kai mako guda ko biyu kafin ka sake gwadawa. Ranar babban wasa kuwa, daren da ya gabace ta ka rage waken zuwa rabi, kuma kada ka gwada wani sabon abu a ranar.

Dahuwa ma tana da tasiri, ka faɗa wa mai dafa maka, ko kai da kanka in gwauro ne. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a dafa da sabon ruwa har ya yi lugub, wanda in ka matsa shi da yatsa biyu yake narkewa. Wancan sukarin yana narkewa a ruwa, don haka wani ɓangarensa yana bin ruwan jiƙon ya tafi, ba dai duka ba. Kanwa aikinta sa wake saurin nuna, kada ka dogara da ita a matsayin maganin iska. Alale da ƙosai sun fi sauƙi a cikin wasu, amma tunda an surfe ɓawon an rage faibar da kake nema. Haka yake ga hatsinmu: gero da dawa suna da faiba mai kyau, sai dai surfe yana tafiya da dusa, tacewa kuma ta kwashe sauran, shi ya sa kokon gasara ba zai maye maka gurbin ots ba. In kuɗin ots ya yi maka nauyi, kunun geron da ba a tace ba ya fi kusa da shi.

In ka bi wannan a hankali har wata guda kumburin bai lafa ba, ko ka ga jini a bahaya, ko kana ramewa ba dalili, je asibiti a duba ka. In kuwa ciki ya kumbura da ciwo mai tsanani, ga amai, ba bahaya ba tusa, kada ka jira gobe.